Yadda Ake Tura Saƙon Barka da Ƙarin Shekara Ga Wadda Ta Kwanta Maka a Rai Ba Tare da An Ji Kunya Ba

A duk shekara akwai rana ɗaya da za ka iya tura wa yarinyar da kake so a zuci saƙo, ba wanda zai ce maka "me ya kawo ka?" Ranar haihuwarta ce. Kowa yana taya ta murna, kai ma kana da hujjar shiga layi. Amma samari da yawa suna ɓata wannan dama ta ɗayan hanyoyi biyu. Wani ya tura gaisuwa busasshiya irin wadda mutum hamsin suka riga suka tura, ta ce "na gode" ta wuce, ko sunansa ba ta riƙe ba. Wani kuma ya zazzage duk abin da ke cikinsa a guruf ɗin aji ko a ƙarƙashin hotonta, ƙawaye su sa ta a gaba da tsiya, daga ranar in ta hango shi sai ta sauya hanya.

Na daɗe ina rubuta irin waɗannan saƙonni, nawa da na abokai da ƙanne da ke kawo min wayarsu in duba musu kafin su tura. Saƙon da ke aiki shi ne wanda za a iya karanta shi ta fuska biyu: idan tana ra'ayinka za ta gane hannunka mai sanda ne, idan ba ta ra'ayinka za ta iya ɗaukarsa a matsayin barkwanci, ku ci gaba da gaisawa ba tare da kowa ya sunkuyar da kai ba. Zan yi magana da namiji ne don sauƙi, amma akwai wurin da na ware wa mace a ƙasa, domin nata salon ya ɗan bambanta.

Abubuwan da za ka tanada

Na farko, tabbacin ranar. Na biyu, hanyar da za ka same ta ita kaɗai, wato lambar da ita ta ba ka ko wadda kuka riga kuka saba magana ta kanta. Na uku, wani ɗan abu guda da ya taɓa haɗa ku, wanda in ka ambata za ta tuna. Wannan shi ne jarin saƙon gaba ɗaya, kuma shi ne abin da yawanci ba a tanada. Na huɗu, wurin rubuta gwaji: takarda, ko manhajar ajiye rubutu ta wayarka. Kada ka yi gwaji a cikin akwatin hirarku, domin WhatsApp yana nuna mata kana rubutu, kuma yatsa yana iya zamewa ya tura rabin magana. Na ƙarshe, ka san niyyarka. Idan neman wasa da hankalin 'yar mutane ne ya kawo ka, wannan bayani ba naka ba ne. Na rubuta shi ne don wanda in an buɗe masa ƙofa zai iya zuwa ƙofar gida ya yi sallama.

1. Tabbatar da ranar, ka kuma tabbatar da halin da take ciki

Kada ka dogara da ranar da Facebook ya nuna maka ita kaɗai. Mutane da yawa a wurinmu sun cika ranar da ta zo musu a ka ne lokacin buɗe shafin, shi ya sa za ka ga 1 ga Janairu ta yi yawa. Abin da ya fi tabbas shi ne ka ga ita da kanta ta sa a sitatus, ko ƙawayenta na kusa sun sa hotonta, ko an fara taya ta murna a guruf ta kuma amsa. Idan a takardar makaranta ko fayil ɗin wurin aiki ka gano ranar, kuma ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, ka bar ta. Tambayar farko da za ta zo mata ita ce "a ina ya sani?", kuma babu amsar da za ka bayar da za ta yi daɗin ji.

Sai abu biyu da dole ka sani kafin ka rubuta ko kalma ɗaya. Shin tana murnar ranar haihuwa ma kuwa? Akwai gidajen da ba sa yi saboda fahimtarsu ta addini, kuma wannan abin girmamawa ne. Idan ba ka taɓa ganin ta taya wani murna ba, ba ka ga ta sa komai a ranarta ba, ka nemi wata rana: barka da sallah, ko murnar gama jarabawa. Tsarin da zan bayar yana aiki a can ma. Na biyu, shin an yi mata baiko ko an sa rana? Idan an yi, gaisuwa da addu'a kawai, babu alamar so ko ɗaya. Nema a cikin nema abu ne da addini ya hana, kuma jama'a ba sa mantawa da wanda ya yi shi.

2. Zaɓi wurin da ba 'yan kallo

Saƙon da ke ɗauke da alama yana tafiya ne kai tsaye zuwa gare ta. Ba guruf ba, ba bangon Facebook ba, ba sharhi a ƙarƙashin hoto ba. Dalilin ba wai don kai kada ka ji kunya ba ne kawai. A gaban jama'a, ita ce ke biyan kuɗin maganarka. Idan ta amsa da fara'a, a ce ashe dama akwai wata a ƙasa. Idan ta yi shiru, a ce ta yarfa ka. Ka tura ta lungun da duk inda ta juya da magana, kuma mace ba ta yafe wannan da wuri.

Hanya mafi sauƙi ita ce amsa sitatus ɗinta. Idan ta sa hoton kek ko ta rubuta godiya ga Allah da ƙarin shekara, ka amsa a nan, saƙon zai faɗa cikin hirarku ku biyu, kuma yana da dalili a bayyane: ita ta sa, kai ka amsa. Ka tuna sitatus awa 24 yake yi ya ɓace.

Idan guruf kawai ya haɗa ku kuma ba ku taɓa hira ku biyu ba, akwai `Reply privately`, wanda ke ɗauko saƙonta na guruf ya kai ka hirarku. Yana da amfani domin tana ganin daga inda ka fito. Amma wanda bai taɓa yi mata magana ba sai yau ya rage ƙarfin alamar sosai, ko ya cire ta gaba ɗaya ya tsaya a kan tsokana da addu'a kawai.

Sa hotonta a sitatus ɗinka kuskure ne da ake yawan yi. Yayyenka da abokanka da 'yan unguwarku duk za su gani, wani ma ya ɗauki hoton ya ajiye. Wasu suna dabarar `Only share with` su zaɓe ta ita kaɗai. Ban ba da shawarar haka ba, domin ita ba ta san ita kaɗai ke gani ba, za ta ɗauka ka tallata ta ga duniya.

3. Nemo abin tsokana

Nan ne aikin yake, don haka ka zauna ka yi tunani. Kana neman wani ƙaramin abu da ya faru tsakaninku, wanda ba ya zubar mata da mutunci, wanda kuma ambatonsa kaɗai ke nuna kana lura da ita. Ta ari bironka ba ta mayar ba. Kullum ita ke fara zuwa aji ta kama kujerar kusa da taga. Ta taɓa yi wa 'yan ofis alkawarin dambun nama har yau shiru. Tana goyon bayan wata ƙungiyar ƙwallo da taku ta doke. Ta taɓa gyara maka lissafi a gaban allo. Irin waɗannan.

Ka lura da abin da ya haɗa su: duk al'amura ne, ba siffar jiki ba. Kada ka taɓa jikinta, ko da yabo ne. Ƙiba, rama, tsawo, hasken fata, tafiya, duk ka bar su. Abin da kai kake gani yabo ne, idan wani ya karanta a wayarta zai zama abin magana. Kada ka taɓa shekarunta. "Tsufa ya zo" wasa ne da ke tafiya tsakanin ƙawaye, amma daga bakin namiji ga budurwar da dangi ke damu da tambayar yaushe za ta fito da miji, zafi yake yi. Haka zancen aure: "Allah ya sa baɗi a ɗakinki" addu'a ce mai kyau daga gwaggo, daga gare ka kuwa ko dai ta yi nauyi ko ta nuna ka cire kanka daga layi. Iyayenta, talaucin gida, faɗuwa jarabawa, tsohon saurayi, waɗannan ba sai na faɗa ba.

Idan ka duba ka rasa abin da ya haɗa ku, muna da gado da ke cike wannan giɓi, wato wasan da ke tsakanin garuruwa da ƙabilu: Kanawa da Zagezagi, Fulani da Barebari, Katsinawa da Nufawa, Gobirawa da Yarbawa, ko taubasantaka idan ɗiyar kawunka ce ko ta gwaggonka. Alherin wannan wasa shi ne kowa ya san shi, ba wanda zai ga saƙon ya ce ka wuce gona da iri. Sai dai ka ɗauki ɓangaren mai laushi. Tsakanin maza ana kai shi har zancen bauta da gori, a saƙon ranar haihuwa ba a kai shi can.

Akwai wata dabara da ba ta cika ba da kunya ba: ka ɗaga ta, ka sauke kanka cikin raha. Kira ta "ranki ya daɗe", "Hajiya", "shugaba", kai kuma ka zama talakan da ya zo gaisuwa fada. Tsokanar da ke ɗaga mutum ba ta ciwo, kuma tana ba ta damar ta ja aji cikin wasa, abin da yawancin 'yan mata ke jin daɗinsa.

4. Gina saƙon

Saƙon yana da gaɓa huɗu, a jere: gaisuwa, tsokana, alama, addu'a. Gaba ɗaya kada ya wuce layi biyar ko shida a allon waya. Idan sai ta danna `Read more` kafin ta gama karantawa, ya yi tsawo.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi tun daga farko. Saurayi Bakano ne, ajinsu ɗaya da wata Bazazzagiya a makarantar gaba da sakandare. Suna gaisawa, sun taɓa zama rukuni ɗaya na aikin aji, kuma ranar wata jarabawa ta ari kalkuletarsa, sai bayan mako biyu ta dawo da ita. Ga abin da ya fara rubutawa:

"Barka da zagayowar ranar haihuwarki, tauraruwar zuciyata. Tun ranar da na fara ganinki ban sake samun barci ba. Ke ce farin cikin rayuwata. Don Allah ki ba ni dama."

Wannan ba saƙon ranar haihuwa ba ne, takardar neman soyayya ce aka liƙa mata gaisuwa a goshi. Fuska ɗaya gare shi. Ba ta da hanyar amsawa sai "e" ko "a'a", a ranar da wayarta ke hannun ƙawaye ana ɗaukar hotuna. Kuma babu komai a ciki da ya nuna ita ce: a cire, a tura wa kowace mace, zai zauna daidai. Da aka nuna masa haka, sai ya koma ɗaya gefen:

"Barka da ƙarin shekara. Allah ya ƙaro masu albarka."

Ba laifi a ciki, amma ba shi a ciki. Ga na uku, wanda aka gina gaɓa-gaɓa:

"Ranki ya daɗe, talakanki na Kano ya zo gaisuwar ƙarin shekara. Saboda darajar wannan rana na yafe kuɗin hayar kalkuleta na mako biyu, duk da Bazazzagi bai saba samun rangwame a wurin Bakano ba. Gaskiya aji ya fi daɗi ranar da kika zo. Allah ya ƙaro shekaru masu albarka, ya ba da sa'ar karatu, ya raba ki da duk abin ƙi."

Dubi yadda yake aiki. Jimlar farko gaisuwa ce da ta riga ta sa murmushi. Ta biyu ta haɗa abin da su biyu suka sani da wasan garuruwansu. Ta uku ita ce alamar, kuma ita kaɗai ce jimlar da ba wasa a cikinta: "aji ya fi daɗi ranar da kika zo." Bai ce yana sonta ba. Ya dai ce yana lura da ranar da ta zo da ranar da ba ta zo ba, kuma kowace mace ta san wane irin mutum ne ke lura da haka. Sannan addu'a ta rufe, ta mayar da saƙon kan turbar mutunci, ta kuma ba ta abin amsawa: ko ba ta son taɓa komai a ciki, za ta iya cewa "amin, na gode" a tashi lafiya.

Alamar kamar gishiri take a miya, ɗan kaɗan ake sawa, in ya yi yawa ba ya tsamuwa. Guda ɗaya tak. Kuma wurinta tsakiya ne, tsakanin tsokana da addu'a. Idan ka sa ta a farko, ita ce za ta fito a sanarwar da ke bayyana a fuskar waya tun ba a buɗe ba, duk wanda ke kusa ya gani. Idan ka sa ta a ƙarshe, ka bar ta tana rataye tana jiran amsa. Ga wasu jimlolin da ke yin wannan aiki, ka zaɓi wadda ta dace da gaskiyarku: "Tun makon jiya nake riƙe da ranar nan a kaina." "Cikin masu taya murna, a rubuta sunana a sahun gaba." "Ba kowa nake rubuta wa saƙo mai layi huɗu ba." Kowace tana cewa kin bambanta da saura, ba tare da ta nemi komai ba.

Idan kana son hirar ta ci gaba, ƙara ɗan ƙugiya bayan addu'a, tambaya mai sauƙin amsawa cikin wasa: "Yanzu ina za a aiko wa talakawa nasu kason kek?" Za ta iya cewa ya ƙare, za ta iya cewa sai ka zo ka karɓa. Duk amsar da ta bayar akwai labari a cikinta. Abin da ba a yi shi ne tambayar da ke neman alkawari, irin "yaushe zan zo gida?" Wannan maganar wata rana ce.

Game da 'yan hotunan fuska da ake sawa: kek ko fuskar dariya guda ɗaya ta isa. Jar zuciya, fuskar sumba, zobe, duk suna rushe fuska biyun da ka wahala ka gina. Kuma ka rubuta da harshen da kuka saba magana da shi. Idan da Hausa kuke gaisawa, kada ka kwaso dogon Turanci daga intanet. Ana gane saƙon kwafi tun daga layin farko.

Idan ke ce mai turawa

Tsarin ɗaya ne, sai dai alamarki ta fi tasa sirantaka, domin idan saƙo ya fita, mace aka fi yi wa surutu, kuma wasu samarin suna nuna wa abokai abin da aka turo musu a majalisa. Ki ɓoye alamar a cikin tsokanar kanta. Misali ga abokin aiki da kullum yake cewa zai sayo wa 'yan ofis tsire:

"Malam, ashe yau manya ke ƙara shekara. To tsiren da aka yi mana alkawari tun bara, yau dai ba uzuri. Ka ci sa'a, ba kowa nake tuna ranarsa ba. Allah ya ja kwana, ya ƙara buɗi."

"Ba kowa nake tuna ranarsa ba" ta isa. Mai hankali zai gane, kuma ko a gaban wa aka karanta ba ki faɗi abin da za ki ji kunyarsa ba. Idan ya girme ki sosai ko yana gaba da ke a wurin aiki, "Yaya" ko "Yallaɓai" ya fi, kuma ki rage tsokanar. Shi ma namiji, idan tana ƙarƙashinsa a wurin aiki ko ɗalibarsa ce, ya cire alamar kwata-kwata. Wadda ba ta da 'yancin share ka ba tare da tsoron abin da zai biyo baya ba, ba a yi mata irin wannan wasa.

5. Yi masa gwajin babban yaya

Kafin ka tura, karanta saƙon da ƙarfi, ka ɗauka babban yayanta ne ke riƙe da wayar yana karantawa a tsakar gida, mahaifiyarta na gefe. Wannan ba tsoratarwa ba ce. A gidajenmu waya ba ta mutum ɗaya ba ce: ƙanne suna wasa da ita, uwa tana ara ta yi kira, ƙawa tana karɓa ta duba hotuna. Sannan akwai sikirinshot, wanda ba ya neman izininka. Idan akwai jimlar da za ta sa ka so ƙasa ta tsage in an karanta ta haka, cire ta. Saƙon Bakanon nan zai wuce wannan gwaji: yayan zai iya ɗaga gira a kan "aji ya fi daɗi", amma ba shi da abin kamawa.

Shi ya sa ma rubutu ya fi saƙon murya a karon farko. Murya tana tashi a lasifika a gaban mutane, rawar bakinka tana fita a ciki, kuma ba ta gyaruwa. Kada kuma ka fake da saƙon da ake buɗewa sau ɗaya ya ɓace. Shi kansa yana nuna akwai abin ɓoyewa, kuma zai sa ta ɗar-ɗar tun kafin ta buɗe.

Bayan wannan, duba rubutun. Sunanta daidai yadda take rubuta shi. Idan akwai sunan da 'yan gidansu kaɗai ke kiranta da shi, kada ka ara sai in ita ta ba ka.

6. Lokacin turawa

Ƙarfe 12 na dare ba naka ba ne. Wannan lokacin ƙawaye ne na ƙut da ƙut da wanda aka riga aka san da zamansa. Saƙon namiji da tsakar dare, ko me ya ƙunsa, lokacin kaɗai ya riga ya yi magana, kuma idan wayar ta yi ƙara a ɗakin da take kwana da 'yan'uwa ka jawo mata tambayoyi. Da hantsi ya fi, wajen ƙarfe 10 zuwa 11, lokacin da ruwan saƙonnin safe ya lafa, ko bayan la'asar. Da dare bayan isha'i, idan akwai 'yar walima, hankalinta na can.

Idan ranar ta wuce ba ka sani ba, ba a rasa komai ba. Washegari ma yana da nasa amfani, domin layi ya watse, kai kaɗai ne: "Na bari 'yan gaba-gaba su gama ne, don kada gaisuwar talaka ta ɓace a cikin taro." Amma kada ya wuce kwana biyu.

Maganar kyauta: a wannan mataki ba dole ba ce. Kada ka nemi lambar asusunta, kada ka aika kaya gidansu ko ajinsu a gaban mutane. Kyautar da aka gani ta zama toshi a idon jama'a, kuma ka ɗora mata nauyin da ba ta ce za ta ɗauka ba.

7. Tura sau ɗaya, ka ajiye wayar

Kwafo saƙon daga inda ka rubuta, duba sunan da ke saman allo sau biyu, sannan ka tura a dunƙule, ba layi-layi ba. Idan ana taya ta murna a guruf, kai ma ka sa taka a can, gajeriya irin ta kowa: "Barka, Allah ya ƙaro shekaru masu albarka." Rashin ganinka a guruf alhali kowa ya yi magana shi ma yana jawo ido.

Idan ka ga kuskuren rubutu, WhatsApp yana ba da minti 15 a gyara saƙo, sai dai zai nuna `Edited`. Ƙaramin kuskure ka bar shi. Idan kuwa tsautsayi ya sa saƙon ya faɗa guruf, yi `Delete for everyone` nan take. Zai bar shaidar an goge wani abu, wasu ma sun riga sun gani. Kada ka yi dogon bayani. Rubuta gaisuwar kowa da kowa a ƙasa, in an tsokane ka ka ce saƙon wani wuri ne ya ɓato hanya, ka yi shiru. Ita kuma ka ba ta haƙuri a gefe da jimla ɗaya. A nan ne za ka gode wa gwajin babban yaya, domin abin da suka gani bai wuce wasan kalkuleta ba.

Abin da ba a so shi ne ka tura mata, tsoro ya kama ka, ka goge. Za ta ga alamar gogewa ta yi ta tunanin abin da ya fi wanda ka rubuta muni.

8. Karanta amsar yadda take, ba yadda kake so ba

Kada ka zauna gadin shuɗin makin da ke nuna an karanta saƙo. Wasu sun kashe shi, kuma a ranar haihuwa saƙonni sun yi mata yawa. Ka ba ta har washegari.

Idan ta dawo da wasan, alama ce mai kyau. A misalinmu, in ta ce "Kanawa da son kuɗi, har kalkuleta sai an biya haya?", ta karɓi tsokanar ta kuma miƙo maka igiya. In ta taɓa jimlar alamar kanta, ta ce "au, ashe ana lura da zuwana?", to ta gane sarai, kuma tana so ka san ta gane. Amsa a taƙaice cikin raha, "ai rajistar aji a hannuna take", ku yi musaya biyu ko uku, kai ka fara sallama. Kada ka mayar da ranar haihuwarta ranar bayyana soyayya. Bari kwana biyu ko uku su wuce, ka dawo da wata magana ta daban.

Idan ta ce "amin, na gode sosai" kawai, ba a yanke hukunci da wannan. Wata kunya ce, wata jan aji, wata kuma iyakar abin da ke ranta ke nan. Ka amsa da "madalla, a sha biki lafiya", ka duba yadda za ta gaishe ka idan kun haɗu. Labarin zuciya a tambayi fuska. Idan kuwa ta ce "na gode yayana" ko "Allah ya bar zumunci", ko ta turo sitikar godiya irin wadda ta tura wa kowa, yawanci iyaka take shata maka cikin ladabi, kuma ya kamata ka karɓa da irin ladabin da ta bayar.

Idan shiru ne har kwana biyu, kada ka bi da "kin ga saƙona?", kada ka kira, kada ka aika ƙawarta ta tambayo, kada kuma ka sa habaici a sitatus. Aika ƙawa shi ne ainihin fitar da maganar bainar jama'a da ka yi ta gudu tun farko. In kun haɗu ka gaishe ta kamar yadda ka saba, kada ka ɗaure fuska, kada ka tayar da zancen saƙon. Kuma abin da ta amsa maka, mai daɗi ne ko akasinsa, ya tsaya a wayarka: ba a nuna wa abokai a majalisa, ba a tura wa kowa hotonsa.